Ƙugiyoyina sun koma akwatuna a wurin mai bugu, ina gyaran yake?

Malama_Yelwa
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Ina neman taimako daga masu sanin kwamfuta. Na rubuta ɗan littafi mai shafi 16 kan tsaftar ruwan sha, don matan ajinmu na yamma a nan Garwa. A kwamfutata komai daidai yake. Na sa shi a kile na kai wa mai bugu, yana buɗewa sai ga ƙananan akwatuna a duk inda ɗ da ƙ da ɓ suke a cikin bayanin. "Ɗebo ruwa a tsaftataccen ƙoƙo" ta koma abin da ba ya karantuwa. A kanun darussa kuma ba akwatuna ba ne, haruffan sun fito, amma a tsaye ƙiƙam, alhali sauran rubutun a karkace yake. Shi ya ce fayil ɗin ne ya lalace, in koma in sake rubutawa. Da gaske sai na sake? Ranar Asabar za a raba wa matan.

MaiBugu_Domayo
Wa alaikumus salam Malama. Kada ki sake rubuta komai tukuna. Kullum muna ganin haka a shago a nan Marwa. Maganinsa PDF, ki mayar da shi PDF magana ta ƙare.

Malama_Yelwa
Ai ya gwada a gabana. Ya mayar da shi PDF, akwatunan suna nan yadda suke.

Yar_Kusiri
Anti, ki sa Gboard ki zaɓi Hausa a jerin harsuna, ƙugiyoyin duk suna ciki. Ni da shi nake rubutu a waya kuma ban taɓa samun matsala ba.

Dan_Pitowa
Yar_Kusiri, ba rubutawar ce ta gagare ta ba, ta riga ta rubuta. Nunawar ce ta ƙi a wani injin. Ni dai ina zargin ƙwayar cuta ce a kile ɗin, don kwamfutocin shagunan bugu cike suke da ita.

Injiniya_Gaundare
Malama, sannu da ƙoƙari. Ba ƙwayar cuta ba ce. Cuta ba ta zaɓar ɗ da ƙ da ɓ ta bar d da k da b lafiya. Kuma ina kyautata zaton rubutunki bai lalace ba ko kaɗan.

Abin da ke cikin fayil ba hoton harafi ba ne, lamba ce. Kowane harafi yana da lambarsa a tsarin Yunikod, ta ɗ ita ce 0257, ta ƙ kuma 0199. Zanen harafin yana cikin salon rubutu, abin da Word ɗinmu na Faransanci yake kira Police, shi kuwa salon a cikin kwamfuta yake zaune, ba ya bin fayil zuwa kile. Kamar takardar likita ce da kantin magani. Takardar tana nan lafiya da sunan maganin a jiki, amma in kantin ba shi da shi, ko dai a ce miki babu, ko a miƙo miki wani mai kama da shi. Akwatin nan shi ne "babu". Harafin da ya fito a tsaye cikin rubutu mai karkata shi ne wanda aka miƙo a madadi.

Ki koma shagon ki yi wannan gwajin, ba zai ci minti ɗaya ba. Ki danna daidai bayan akwati ɗaya, ta gefen dama, sai ki riƙe Alt ki taɓa X. Akwatin zai juye ya zama lamba. Ki danna Ctrl da Z ya koma yadda yake. Ga lambobin da za ki duba:

```
ɓ 0253    Ɓ 0181
ɗ 0257    Ɗ 018A
ƙ 0199    Ƙ 0198
ƴ 01B4    Ƴ 01B3
```

In ɗaya daga cikinsu ta fito, harafinki yana nan. Sannan ki faɗa mana sunan salon da kika yi bayanin da shi, da wanda kika yi kanun, da irin Windows ɗin da ke shagon.

MaiBugu_Domayo
Injiniya, ƙaramin gyara. A Word na Faransanci da muke da shi a shago, Alt da C ne suke wannan aikin. In X ta ƙi, ta gwada C.

Injiniya_Gaundare
Haka ne, na gode. Nawa na Ingilishi ne. Malama, ki gwada duka biyun.

Baba_Lopere
Mu a zamanin tafireta babu wannan wahalar. A buga d, a buga k, in an gama a ɗauki biro baƙi a bi layi layi ana ɗora musu ƙugiya, sannan a kai wurin kwafi. 'Yata, in lokaci ya ƙure, ki cire ƙugiyoyin a buga haka, ki zauna da biro dare ɗaya a kan kwafin farko. Aikin yana fita tsaf in mutum yana da hannu.

Dan_Pitowa
Ko ma a bar su gaba ɗaya, Baba. Duk saƙonnin da muke turawa a waya wa yake sa ƙugiya? Kuma ana ganewa.

Malama_Yelwa
Dan_Pitowa, kai da ka iya karatu kana cike giɓin da kanka. Matan nan bana suka fara haɗa baƙi. Na sha wahala kafin su rarrabe k da ƙ a allo, in na ba su littafi an rubuta kafa a inda ake nufin ƙafa, abin da ke takardar za su karanta, kuma su ɗauka su ne ba su gane ba. Ba zan cire ba. Baba, Allah ya ƙara girma, in komai ya ƙi biron zan ɗauka.

Injiniya, na je na dawo. Alt da C ne ya yi. Akwatin farko ya ba ni 0257, wani ya ba ni 0199. Bayanin da Charis SIL na yi shi, wani malami ne ya sa mini shi a kwamfuta tun bara. Kanun kuma Monotype Corsiva. Kwamfutar shagon tsohuwa ce, Windows XP da Word 2007. Amma ga abin da ya ɗaure mini kai: a can ma, in na danna cikin bayanin, sunan da ke fitowa a sama Charis SIL ne. To ashe yana da shi ke nan?

Injiniya_Gaundare
Alhamdulillahi, rubutunki yana nan cif. Wannan sunan da kika gani shi ne yake ruɗar mutane da yawa. Word yana nuna sunan salon da fayil ɗin ya nema, ko da injin ba shi da shi. Ba ya yin gargaɗi, sai ya ɗauko wani a ɓoye ya zana rubutun da shi. In kina son ki kama shi, ki shiga Options, sai Options avancées, ki gangara har ki ga maɓallin Substitution de polices. A nan zai nuna salon da ya rasa da wanda ya sa a gurbinsa. Ina sa ran za ki ga Charis SIL a jerin waɗanda babu.

Abin da ya sa madadin ya ba da akwatuna shi ne tsufan injin. Times New Roman da Arial da suka zo da XP ba su da haruffanmu. Daga Vista da Windows 7 ne aka faɗaɗa su suka ƙunshi ƙugiyoyin. Suna ɗaya ne, amma abin da ke ciki ba ɗaya ba ne. Shi ya sa mutum zai rantse ya yi aikinsa da Times New Roman, shagon ma yana da Times New Roman, kuma duk da haka a ga akwatuna.

Kanun kuwa matsalarsu daban ce, kuma ba daga shagon ta fara ba. Monotype Corsiva ba shi da ɗ da ƙ da ɓ a kowace kwamfuta. Ki buɗe littafin a gida, ki ƙara girman shafin sosai, ki kalli kan darasi ɗaya mai ƙugiya. Za ki ga a can ma aro aka yi, sai dai aron na gida ya fi dacewa da maƙwabtansa, shi ya sa bai tsone ido ba.

Batun PDF kuma, MaiBugu yana da gaskiya, sai dai wurin da aka yi shi ne ya ɓata. PDF yana daskarar da abin da injin da ya yi shi yake gani. An yi shi a inda ake ganin akwatuna, ya daskarar da akwatuna. A kwamfutarki ta gida za ki yi shi, inda Charis SIL yake.

MaiBugu_Domayo
To ni na ɗauka a gida za ta yi, ban san a shagon aka yi ba. Amma Injiniya, ka san halin masu kawo aiki. An kawo PDF, ana shirin bugawa sai a ce a canja kwanan wata, a ƙara sunan shugabar ƙungiya. PDF ba ya gyaruwa cikin sauƙi. Shi ya sa mu muka fi son a zo da duka biyun, PDF da na Word.

Hajiya_Injamena
Salamu alaikum. Ni ma ga tawa, ko iri ɗaya ce. Muna da jerin sunayen 'yan adashi a Excel, sakatarenmu ya fitar da shi ya turo mini. Duk sunan da ke da ƙugiya alamar tambaya ce a wurin. Ɗanladi ya koma ?anladi. Na sa wannan Charis ɗin da ake magana, ɗana ya sauke mini yanzu, babu abin da ya canja.

Injiniya_Gaundare
Hajiya, barka da zuwa. Taki ba irin ta Malama ba ce, kuma ta fi ta nauyi. Alamar tambayar nan ta gaske ce, in kin kwafa ta cikin Word kin yi gwajin da na faɗa, 003F za ki gani. Sakataren ya ajiye jerin a matsayin CSV na tsohon tsari, wanda ba shi da gurbin haruffanmu, sai injin ya jefar da su ya sa alamar tambaya. Harafin ya tafi, babu salon da zai dawo da shi. Ki ce ya turo asalin fayil ɗin Excel ɗin, ko ya sake ajiyewa ya zaɓi CSV UTF-8 a jerin nau'o'in fayil.

Akwai kuma wata kala ta uku da ya kamata ki sani, don tana iya biyo bayan gyaran. In kika ga ɗ ta koma É— ko ƙ ta koma Æ™, kada ki firgita, wannan ba asara ba ce. An ajiye daidai, wajen buɗewa ne aka karanta da tsohon tsari. A sake shigo da fayil ɗin ta sashen Données a zaɓi UTF-8, haruffan za su dawo.

Hajiya_Injamena
Allah ya sa bai goge asalin ba. Zan kira shi bayan la'asar.

Dalibi_a_Kano
Ni ɗan Garwa ne amma a Kano nake karatu. Wani abokina ya ba ni tsofaffin takardun darasi na Hausa, in na buɗe sai in ga }asa a madadin ƙasa, ]aya a madadin ɗaya, ~era a madadin ɓera. Babu akwati ko ɗaya. A kwamfutarsa kuwa lafiya lau suke fita. Wannan a wane aji yake?

Jauro_Fulbere
Ɗalibi, wannan na san shi tun kafin a haifi wasu a zauren nan. Kafin Yunikod ya yaɗu, masu yin salon rubutu sukan ɗauki wata alama da ba a cika amfani da ita ba, su goge zanenta su zana harafi mai ƙugiya a gurbinta. A fayil baka ce, a ido ƙ ce, muddin wannan salon yana cikin injin. Mu ma da Fulfulde haka muka yi aiki shekaru. Ina da littattafan koyon karatu da na rubuta da irin wannan salon, har yau ina ajiye da tsohuwar kwamfuta saboda su kaɗai.

Kuma ga abin da zan ƙara wa Malama. Kada wani ya ba ki salo ya ce ai na harsunan Kamaru ne, ki ɗauka ya ishe ki. Fulfulde tana da ɓ da ɗ da ƴ da ŋ, amma ba ta da ƙ. Na taɓa rubuta wa wani maƙwabcina Bahaushe sanarwa da tsohon salona, komai ya fito sai ƙ, don wanda ya zana shi bai sa ta ba. Tsarin haruffan harsunan Kamaru da aka amince da shi a Yawunde a 1979 ma, ƙugiyoyin da ke cikinsa su ne na b da d da y.

Injiniya_Gaundare
Jauro ya faɗi abin da ya fi nawa. Ɗalibi, gyaran naka shi ne nema da musanyawa, Ctrl da H a Word. Ka nemi } ka musanya da ƙ, { da Ƙ, ] da ɗ, [ da Ɗ, ~ da ɓ, haka har ka gama, sannan ka zaɓi rubutun duka ka sa masa salo na zamani. Ka yi a kan kwafi, ba a kan asali ba. Kuma ka lura, in marubucin ya yi amfani da baka ta gaske a wani wuri, ita ma za ta koma harafi, don haka ka fara dubawa kafin ka danna musanya duka.

A kan maganar Jauro ta ƙ, ko a salon zamani ana samun rabin aiki. Ƙananan ɓ da ɗ suna wani rukuni na Yunikod, na haruffan masana furuci, su kuwa ƙ da ƴ da duk manyan haruffan huɗu suna wani rukunin daban. Mai zana salo yana iya yin wani sashe ya bar wani. Don haka ganin ɗ ta fito bai isa shaida ba, sai an gwada duka takwas, ƙanana da manya.

Jauro_Fulbere
Musanyawar nan na sani, amma fayil nawa ne zan bi ɗaya bayan ɗaya? Kuma nawa salon ba a kan baka ya ɗora su ba, wasu a kan haruffan Faransanci masu alama ya ɗora, ga littattafan kuma akwai Faransanci a ciki. In na musanya a makance zan ɓata wancan ɓangaren.

Injiniya_Gaundare
Gaskiya ne Jauro, naka sai an zauna. A akwatin neman akwai Format, sai Police, inda za ka ce a nemo alamar a cikin tsohon salon kaɗai, a bar Faransancin da ke wani salo. In duka harsunan biyu da salo ɗaya aka rubuta su, to wannan dabarar ba za ta yi ba. In na shigo Garwa zan so in ga fayil ɗaya da idona kafin in ce komai.

Malama_Yelwa
Ku yi haƙuri in dawo da ku kan nawa, Asabar tana matsowa. Na duba a gida, gaskiya ne, ƙ ɗin da ke kanun ba irin sauran ba ce, ta fi su kauri. Na kuma yi PDF a gida ta Enregistrer sous. Ta yaya zan tabbata ya ɗauki salon kafin in sake hawa mashin zuwa shagon? Sannan mai bugun ya ce a wurinsa littafin shafi 17 ne, ni kuwa 16 na sani.

MaiBugu_Domayo
Shafi 17 ɗin nan alama ce babba, Malama. Kowane salo da faɗin haruffansa da tazarar layinsa, in an canja shi layuka sukan motsa, hoto ya tsallaka wani shafin. Kuma ɗan littafi da ake ninkewa a tsakiya, shafukansa huɗu huɗu suke tafiya, takarda ɗaya shafi huɗu. 16 takarda huɗu ce cif. 17 kuwa sai an ƙara ta biyar, shafi uku su tafi fanko, kuɗin ma ya ƙaru a kowane kwafi. Ko don wannan kaɗai kada ki yarda a buga daga Word ɗinsa.

Tabbatarwa kuma, hanya mafi sauƙi ki tura PDF ɗin wayarki ki buɗe. Waya ba ta da Charis SIL, in ya fita da kyau a can to ya ɗauka.

Injiniya_Gaundare
Gwajin waya yana da amfani amma bai cika ba, don waya ma ta iya aro, tana iya nuna ƙugiyoyin da nata salon ki ɗauka lafiya. Wanda ba ya ƙarya shi ne wannan: ki buɗe PDF ɗin a Adobe Reader, ki danna Ctrl da D, ki shiga shafin Polices. Za ki ga jerin duk salon da ke cikin littafin. Kowanne ya kamata a ga kalmar incorporé a gefen sunansa. Wanda ba shi da ita bai shiga ba, injin shagon zai sake yin aro. Ki kwafo mana sunayen da kika gani.

Malama_Yelwa
Akwai CharisSIL, da CharisSIL-Bold, da MonotypeCorsiva, duk da incorporé. Sai kuma TimesNewRoman, shi ma da ita, amma ni ban zaɓe shi a ko'ina ba.

Injiniya_Gaundare
Madalla. Bayanin ya tsira ke nan, yadda kike ganinsa a gida haka zai fita a takarda, ko da injin shagon ya fi haka tsufa. Shi kuwa Times New Roman ɗin da ba ki zaɓa ba, mai yiwuwa shi ne aron da aka yi wa ƙugiyoyin kanun. Wani lokaci layi fanko ko lambar shafi ma sukan jawo shi, amma tunda kin ga kaurin ƙ da idonki, na fi zargin kanun.

Shawarata ki sauke Monotype Corsiva daga kanun gaba ɗaya. Ki sa Charis SIL mai kauri, ko mai karkata in karkatar kike so, yana da duka. Tunda ma masu koyon karatu ne, akwai Andika, daga masu Charis ɗin ne, an zana shi musamman don sababbin masu karatu, a ɗinsa irin wadda kike rubuta musu a allo ce. Duka kyauta ne, kuma lasisinsu ya yarda a kwafa a ba wani. In kin canja, ki duba shafukan ba su wuce 16 ba, ki sake yin PDF, ki sake duba jerin.

Don abin da MaiBugu ya faɗa na gyaran ƙarshe, ki tafi da na Word ma, amma ki cusa salon a cikinsa. Fichier, Options, Enregistrement, ki sa alama a Incorporer les polices dans le fichier. A ƙarƙashinsa akwai zaɓi biyu. Na farko yana ɗaukar haruffan da kika yi amfani da su kaɗai, fayil ya yi sauƙi, amma in aka zo ƙara suna mai harafin da babu a littafin za a rasa shi, don haka ki bar shi babu alama. Na biyu yana cewa kada a ɗauki salon da kowace kwamfuta take da shi, shi ma ki cire alamarsa, don mun ga abin da tsohon Times New Roman ya yi. Fayil ɗin zai yi nauyi kaɗan. Iyakarsa ita ce ba kowane salo ne mai shi ya yarda a cusa ba, kuma ba kowace manhaja take kula da abin da aka cusa ba, musamman na waya.

Dan_Pitowa
Ni ban ga dalilin wannan zagayen ba. Ta kwafi salon a kile ta ba mai shagon ya sa a injinsa, daga yau duk Bahaushen da ya kai aiki ya huta.

Malama_Yelwa
Na yi tunanin haka, na shiga C:\Windows\Fonts ban ga Charis ba, alhali yana aiki a Word.

Injiniya_Gaundare
A Windows 10 na baya-bayan nan da 11, salon da aka sa wa mutum ɗaya ba ya zuwa can. Ki danna maɓallin Windows da R, ki rubuta wannan:

```
%LOCALAPPDATA%\Microsoft\Windows\Fonts
```

Za ki ga fayil huɗu na Charis: na yau da kullum, mai kauri, mai karkata, da mai haɗa biyun. Ki kwashe duka huɗun, in kin ɗauki ɗaya kaɗai injin zai ƙirƙiri kaurin da kansa kuma ba ya kyau a takarda. A XP a zuba su cikin Polices da ke Panneau de configuration, a rufe Word a sake buɗewa. Maganar Dan_Pitowa ita ce gyara mai ɗorewa, in mai shagon ya yarda.

MaiBugu_Domayo
In ya yarda ɗin nan ita ce magana. Ni kaina ba na barin a sa mini komai daga kilen mutane a injin aiki, an sha ƙona mu. Sai dai in sauke da kaina daga shafin masu shi.

Kuma Injiniya, ka sauƙaƙa batun kanun da yawa. Littafin makaranta a sa Charis ba laifi. Amma katin biki fa? Uwar amarya tana son sunan 'yarta da rubutu mai lanƙwasa, irin na ado, kuma duk waɗanda nake da su babu mai ƙugiya ko ɗaya. Abin da nake yi a CorelDRAW, in rubuta k ko d, in mayar da rubutun zane da Ctrl da Q, sannan in ja ƙugiyar da hannu. Yana fita da kyau, kuma tunda ya zama zane babu injin da zai canja shi. Amma kati ɗaya sai ya ci mini rabin awa, in aka ce a gyara suna kuma sai a faro daga farko.

Baba_Lopere
To ai biron nawa ne ka mayar cikin kwamfuta, ɗana. Allah ya yi albarka.

Yar_Kusiri
Tambaya a gefe. A jerin Injiniya na ga ƴ. Mu a makarantar allo da boko duk 'y muka gani a littattafan da ake kawowa daga Najeriya. Wanne ne daidai, 'ya'ya ko ƴaƴa?

Jauro_Fulbere
Littattafan Najeriya 'y suke sawa, na Nijar ƴ. Mu nan da yara suke ganin ƴ a Fulfulde, ni da za a bi tawa da ita za a yi Hausar ma, harafi ɗaya sauti ɗaya.

Dalibi_a_Kano
Jauro, da girmamawa, duk abin da matan nan za su samu su karanta nan gaba, jarida ko littafi, yawancinsa daga Kano da Zariya zai zo, kuma 'y ce a ciki. Gara su saba da ita.

Malama_Yelwa
Ni 'y na koya musu kuma ita ce a littafin, wannan muhawarar mu ajiye ta zuwa bayan Asabar. Na mayar da kanun Charis mai kauri, shafi 16 cif. A sabon PDF ɗin Monotype Corsiva ya fita daga jerin, amma TimesNewRoman yana nan har yanzu. Na ƙara girman shafukan na bi kanun ɗaya bayan ɗaya, ƙugiyoyin duk sun yi daidai da sauran. Gobe da safe zan sa ya buga shafi ɗaya na gwaji kafin ya saki sauran.

Injiniya_Gaundare
Ki duba lambobin shafi a ƙasa da rubutun da ke ƙarƙashin hotuna, galibi a can yake maƙalewa. Tunda da incorporé a gefensa ba zai ba ki akwati ba. Shafin gwajin kuma ki zaɓi wanda yake da babbar Ɗ ko Ƙ a farkon jimla, kuma ki tsaya ki ga PDF ɗin ya buɗe, ba na Word ba.

Hajiya_Injamena
Sakataren ya ce asalin yana kwamfutar ofis amma ya ajiye CSV ɗin a kansa da suna ɗaya, bai san ko na Excel ɗin yana nan ba. Injiniya, in suna ɗaya ne, ɗayan yana goge ɗayan ne ko kowanne yana zamansa?